Tela, Kafin Ka Ce "Jibi Ka Dawo", Buɗe Littafinka

Yau zancenmu a kan alkawarin lokaci ne, kuma da teloli zan yi misali. Malam tela, ka yi haƙuri, ba don kai kaɗai ke da wannan hali na ɗauko ka ba. Birkila yana da shi, kafinta yana da shi, ɗalibi mai rubuta furojet yana da shi, uwargida mai cewa "yanzun nan zan sauke" ita ma tana da shi. Naka ne dai ya fi fitowa fili, domin ranar Sallah ba ta matsawa don kowa.

Mu ɗauka saura kwana 20 Sallah ƙarama. Mutum ya shigo shago da shaddarsa, yana son kaftani da wando. Tela ya yi lissafi a ransa: yanka rabin awa, haɗa riga awa ɗaya da rabi, wando minti 40, guga minti 20. Awa 3 ke nan. Yana zama shago awa 9 a rana, wato kaya 3 kullum. Kwana 20 sau 3, kaya 60. Sai ya ci gaba da karɓa har 60, zuciyarsa fes, bai yi niyyar yaudarar kowa ba. Lissafin ma daidai yake, babu lambar da ya zaɓge a ciki.

To ina matsalar? Abin da ya ƙirga shi ne lokacin da ƙafarsa ke kan keke. Ranar da ya zana a ransa rana ce da babu wanda ya yi sallama a ƙofar shago, ba a ɗauke wuta ba, zare bai ƙare ba, allura ba ta karye ba. Ku gaya mini, masu sauraro, a shekara sau nawa ake samun irin wannan rana? Awo kaɗai, da ciniki, da zaɓen irin aikin wuya a waya, yakan ci minti 20 a kan mutum ɗaya. Zuwa kasuwa neman zaren da ya dace da kalar shadda, ga wanda ke Kano ya shiga Kwari ko Sabon Gari a ƙarshen azumi, ya ci rabin yini. Ga Juma'a, ga tafsiri, ga jiki da ya yi laushi bayan la'asar. Ga wanda zai dawo ya ce hannu ya yi tsawo, a rage. Duk wannan aiki ne, amma ko ɗaya bai shiga cikin awa 3 ɗin nan ba.

Akwai kuma wanda ya fi su duka cin rana, shi ne jira. Rigar nan sai ta je wurin mai aikin wuya. Shi aikin a kan injin bai fi awa ɗaya ba, amma teloli goma ne suka jibge masa kaya a mako guda, sai rigarka ta kwana 3 a layi. Kai hannunka ya gama nasa, amma kayan ba su fita ba. Shi kuwa mai kaya ba ruwansa da awa nawa ka yi a kan keke. Abin da ya sani shi ne ranar da ya kawo da ranar da ya karɓa. Saboda haka duk inda aikinka zai bi ta hannun wani, ka sa kwanakin jira a lissafi, domin wannan lokacin ba ka da iko da shi.

Kada ku ɗauka halin mutanenmu ne kawai. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi rubutu a kan wannan kuskure tun 1979. Daga baya, a 1994, Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban jami'a 'yan ajin ƙarshe kwana nawa ya rage su miƙa furojet ɗinsu. A matsakaici suka ce kimanin kwana 34. Aka ce musu to idan komai ya lalace fa? Suka ce kwana 49. Da aka zo ƙirgawa, kwana 55 da ɗoriya suka ɗauka. Ku lura da kyau, abin da ya faru ya zarce har lissafinsu na ranar da komai ya ɓaci. Waɗanda suka gama a ranar da suka faɗa ba su kai ɗaya cikin uku ba. Manyan injiniyoyi ma ba su tsira ba: babban ɗakin wasannin nan na birnin Sydney a Ostareliya an soma gina shi a 1959 da niyyar gamawa a 1963, ba a buɗe shi ba sai 1973. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na kawo zancen yau, shi ne ba mu ɗaukar darasi daga bara. Ka tambayi telan nan, "Malam, bara ba ka makara ba?" Zai ce, "Ai bara janareta ne ya lalace." Bara waccan fa? "Ai yarona ne ya tafi gida." Gaskiya yake faɗa, kowace shekara da dalilinta. Sai ya ɗauka tunda an gyara janareta, bana lafiya lau. Ba dole ne dalilin bara ya dawo ba, amma wani zai zo a madadinsa, kuma ba za ka san ko wane ne ba sai ya iso. Shi ya sa zama a lissafo matsaloli ɗaya bayan ɗaya ba ya isa, kullum akwai wadda ba ta zo maka a rai ba.

Maganin yana cikin shagonka. Littafin nan da kake rubuta awo, wanda gefensa ya sha alli da man keke, ka ƙara masa abu uku a gaban kowane suna: ranar da aka kawo, ranar da ka yi alkawari, da ranar da kayan suka fita. Idan kana da na bara, buɗe shi yau. A ce ka ƙirga ka tarar a kwana 20 na ƙarshen azumin bara kaya 36 ka fitar, har da kwanan shago da ka yi. To 36 shi ne ƙarfinka, ba 60 ba. A cikin 36 ɗin nan akwai ɗauke wuta, akwai layin mai aikin wuya, akwai masu zuwa hira, duk sun shiga ba tare da ka ƙirga su ɗaya ɗaya ba. Idan ka karɓi 60, mutum 24 ka shirya wa baƙin ciki ranar Idi, kuma a cikinsu akwai yaran da ba su da wasu kayan sai waɗannan. Sai dai in ka ƙara keke ko ka ɗauki ma'aikaci, babu dalilin da zai sa bana ta bambanta da bara.

Haka za ka yi da aiki guda ɗaya. Duba kaya 5 na baya masu kama da wannan, waɗanda duk ka ce kwana 4. A ce sun fita a kwana 5, 6, 6, 7, da 12. Ka jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya shi ne 6. Ashe kwana 4 ɗinka a aikace 6 ne, wato duk abin da bakinka zai faɗa ka ƙara masa rabinsa. In ka ce wa mai kaya kwana 7, a cikin 5 ɗin nan ka cika alkawari sau 4. Shi kuma 12 ɗin nan, kada ka share shi ka ce ai tsautsayi ne. Aiki in ya yi sauri, kwana ɗaya ko biyu zai rage maka, amma in ya makara ba shi da iyaka. Don haka in kayan ango ne, ko na mai tafiya da jirginsa zai tashi rana kaza, da 12 ɗin za ka yi lissafi.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, in na ce kwana 7, maƙwabcina zai ce 3, ya ƙwace mini mutum." Na ji, kuma a nan ne zan juyo kanku, ku masu kai ɗinki. Haba jama'a! Tun Sha'aban kuke da yadin nan a ɗaki, sai goman ƙarshe ku kwaso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tela ya ce muku ya rufe karɓa, ku ce "don Allah ka taimaka, ni naka ne", har ku haɗa shi da mahaifinsa. Kunya ta sa ya karɓa, sannan daren Sallah ku tsaya a kansa kuna faɗa. Wanda ya gaya muku rana mai nisa ya cika, shi ya kamata ku riƙe. Kai kuma tela, faɗin "in sha Allahu" abu ne mai kyau kuma an hore mu da shi, amma ba ya ɗauke maka duba littafi.

Wani gargaɗi a kan ƙarin kwanakin nan. Idan ka ce 7 saboda ka san 6 ne, sannan ka ajiye yadin ba ka taɓa shi ba sai rana ta biyar, ka cinye ƙarin tun kafin matsala ta zo. Yanka ranar farko, ka aika wa mai aikin wuya da wuri, kwanakin jira su soma tafiya kana wani aikin. Kuma a rana ta 10 cikin kwana 20 ɗin nan, ka tsaya ka ƙirga kayan da aka goge aka ninke aka sa a leda. Waɗanda "saura maɓalli kawai" ba su cikin lissafi, domin wannan "saura kaɗan" ɗin shi ke kwana 3 a rataye. In ka karɓi 36, ya kamata ka ga 18 a leda. In 12 ka gani, a wannan tafiyar 24 za ka fitar. Ranar nan za ka ɗauki waya ka kira mutum 12 na ƙarshen layi, tun suna da kwana 10 na neman wani telan.

Wanda ya soma sana'a bana, ko aka kawo masa irin aikin da bai taɓa yi ba, babbar riga misali, ba shi da littafin da zai duba. To ya je wurin maigidansa ko wani tsohon hannu. Kada ya tambaye shi kwana nawa za a yi, ya tambaye shi ta ƙarshe da ya ɗinka kwana nawa ta ɗauka daga karɓa zuwa miƙawa. Mutum yakan fi iya kintata aikin wani a kan nasa, domin shi ba shi da buri a ciki.

Lokaci ya ƙure mana. Teloli, yau da daddare kafin a rufe shago, a buɗe littafin bara a ƙirga.