Yadda Ake Zare Koren Ƙyalle Daga Bayan Mutum a Hoto Mai Motsi



Kowa a nan ya taɓa ganin mai bayanin yanayi a talabijin yana nuna taswira a bayansa, alhali kuwa a ɗakin ɗaukar babu komai a bayan nasa sai koren ƙyalle. Wannan dabara ita masu sana'ar ke kira kuroma ki. Tsohuwa ce, domin tun a 1940 Larry Butler ya yi aiki da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad. Abin da nake so mu duba yau shi ne rabin aikin na farko, wato yadda ake zare koren a bar mutumin shi kaɗai, bayansa wayam, a ajiye shi a ɗora a kan duk hoton da aka ga dama daga baya.

Hoton kwamfuta ƙananan ɗigogi ne jere, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Akwai kuma lamba ta huɗu da ake kira alfa, wadda ke faɗin yadda ɗigon zai tare abin da ke bayansa. In alfa 255 ce, ɗigon ya tare komai. In 0 ce, sai a hangi bayansa garau kamar babu shi. In tsakatsaki ce, sai ya zama tamkar gilashi mai duhu-duhu. Saboda haka duk aikin nan bai wuce ba kowane ɗigo alfar da ta dace da shi ba.

To, yaya na'ura ke yanke wannan hukunci? Bari mu ɗauki misali da manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce. A ce an ɗauki wani mai jawabi sanye da farar riga a gaban koren ƙyalle. Matakin farko shi ne a tsayar da hoton, a auna launin ƙyallen kusa da kafaɗarsa, don kuwa koren da kamara ta gani shi ne abin dogaro, ba wanda ido ya gani a kasuwa ba. A ce mun sami ja 47, kore 168, shuɗi 79, wanda a rubutun kwamfuta shi ne 2FA84F. Sai mu ba da wannan umurni:

```
ffmpeg -i jawabi.mp4 -vf "chromakey=0x2FA84F:0.08:0.04,despill=type=green" -c:v prores_ks -profile:v 4444 -pix_fmt yuva444p10le wayam.mov
```

Manhajar za ta auna nisan launin kowane ɗigo daga wancan koren, a ma'auni mai tashi daga 0 zuwa 1. Lamba ta farko, 0.08, ita ce iyaka: duk ɗigon da nisansa bai wuce ta ba, alfarsa 0. Lamba ta biyu, 0.04, ita ce faɗin gangara: daga 0.08 zuwa 0.12 alfa na hawa sannu a hankali, ta yadda ɗigo mai nisan 0.10 zai sami rabi, mai 0.12 ko fiye kuwa ya sami 255. Wannan gangara ita ke sa gefen gashi da na hannu mai motsi su fito da laushi. Ba don ita ba, da sai mutumin ya zama kamar wanda aka yanko da almakashi.

A nan ne gizo ke saƙar. Fari da baƙi da ruwan toka duk ba su da launi, don haka nisansu daga wannan kore kusan ɗaya ne, kimanin 0.16. Fatar mutum ta fi su nisa, domin ta karkata wajen ja, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka zaɓi kore tun farko. Ke nan in jimlar lambobin nan biyu ta haura 0.16, farar rigar mai jawabinmu za ta fara zama shara-shara. A ɗaya gefen kuma, inda inuwa ta faɗi a kan ƙyallen, koren yakan dushe ya matsa wajen baƙi. In lambobinsa suka ragu da rabi, nisansa ya kai wajen 0.08, daidai bakin iyaka. In inuwar ta fi haka duhu, sai ta rage a hoton kamar dattin hayaƙi. Mai aiki zai ɗaga iyaka don ya kori inuwa, sai riga ta huje. Ya sauke don ya ceci riga, sai inuwa ta dawo. Gaba kura, baya sayaki.

Maganin wannan yana ɗakin ɗauka. A ja ƙyallen ya miƙe, a goge shi, don kowane lanƙwasa inuwa ce. A haska shi da fitilu biyu, dama da hagu, daban da fitilar da ke haska mutumin. A tsayar da mutumin kamar mita biyu daga ƙyallen, domin inuwarsa ta faɗi ƙasa. Kuma a duba tufafinsa: wanda ya zo da koriyar rigar 'yan ƙwallon Nijeriya, ƙirjinsa zai ɓace tare da bango, sai dai a sauya masa shuɗin ƙyalle.

Tazarar nan tana da wani amfani. Hasken da ya bugi ƙyalle yakan dawo kore ya sauka a kafaɗa da gefen fuska, musamman a kan farin tufa. Waɗannan ɗigogi na mutumin ne, ba za a zare su ba, sai dai a gyara launinsu. Aikin `despill` ke nan a cikin umurninmu: yana rage koren da ya fi ƙarfin ja da shuɗin da ke ɗigon. Akwai kuma iyakar da ba ta gyaruwa sosai. Yawancin wayoyi suna ajiye bayanin launi ɗaya ne kawai ga kowane ɗigo huɗu, ko da yake kowane ɗigo na da nasa bayanin haske. Tun da launi muke aunawa, gefen mutumin kan fito da ɗan tsani-tsani, kuma ƙara gangara kaɗan ne kawai zai sassauta shi.

Saura ajiya, inda da yawa ke zubar da wahalarsu. Ba kowane irin fayil ne ke da gurbin lamba ta huɗu ba. JPEG ba shi da shi, haka ma MP4 na yau da kullum mai H.264. In aka ajiye a cikinsu, alfa ta zube, sai a buɗe a tarar da koren ya dawo ko kuwa baƙi ya maye gurbinsa. PNG yana riƙe alfa ga hoto tsayayye. Ga mai motsi kuwa akwai ProRes 4444, wanda muka zaɓa a umurninmu, da kuma WebM mai VP9.

Daga ƙarshe, kada a dogara da abin da manhajar kallo ta nuna, don wasu ba su kula da alfa. A fito da alfar ita kaɗai a dube ta:

```
ffmpeg -i wayam.mov -vf alphaextract -frames:v 1 duba.png
```

Abin da ya kamata a gani shi ne surar mutumin fara fat a kan baƙi ƙirin, da ɗan ruwan toka siriri a gefe. Ruwan toka a cikin jiki yana nufin iyaka ta yi yawa. A bango kuwa yana nufin ta yi kaɗan, ko haske bai daidaita ba. In an ga duka biyun a lokaci guda, to babu lambar da za ta raba gardama, sai a koma a sake shirya fitilu.