Masu Neman Aiki Ko Masu Kawo Aiki?

 

Sana'ata lissafin haraji ce ga masu ƙananan shaguna a nan Manchester. Bara na danna "Open to" a shafina na LinkedIn, na zaɓi "Hiring", na tallata gurbin mataimaki, wai don a ga kasuwata ta bunƙasa. Aka zagaye hotona da #Hiring. Saƙonni suka yi ta zuwa, amma duk na masu neman aiki ne, har yaran wasunku. Mai kawo aiki ko ɗaya babu.

Abin da ya kamata in zaɓa shi ne "Providing services". Nan ake rubuta ayyukan da mutum ke yi, har guda 10, da garin da yake, da ko yana aiki daga nesa. Amfaninsa, wanda ba ku haɗu ba ma yana iya aiko maka da tambaya kyauta.

Uku kawai na sa, domin wanda ya jera goma sai a ɗauka bai ƙware a ko ɗaya ba. A bayanin na rubuta cewa ina jin Hausa. Mai shagon da ya fara tuntuɓata, wannan layin ya gani.

"Hiring" kuwa na cire shi, sai ranar da nake da albashin biya.