Idan Fayil Ya Ce Ya Lalace: Yadda Ake Ceto Rubutu



Mu ɗauki ɗalibar da ta zare filashi daga kwamfuta tun Word bai gama adana kundinta ba. Washegari ta buɗe, sai ga saƙo: `Word found unreadable content`. Abin da nake roƙonta kafin komai shi ne ta kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta, ta yi gwaji a kan kwafin. Kada ta sake adana komai a filashin nan, domin sabon abu na iya hawa kan abin da take nema.

Sai ta dubi girmansa. In `0 KB` ne, babu abin ceto a ciki, sai ta nemi wanda ta taɓa tura wa malami ta imel. In sunan ya fara da `~$`, ba kundin ba ne, ɗan fayil ne da Word ke ajiyewa muddin takarda na buɗe. Amma in girman ya yi kusa da yadda ta san shi, da sauran fata.

Dalilin wannan fata kuwa shi ne, tun daga 2007 fayil mai `.docx` tamkar akwati yake, irin `.zip`, da rubutu da hotuna da tsarin shafi kowanne a wurinsa. Sau da yawa ɓangare guda ne ya taɓu, Word kuwa ya ƙi duka.

Ta shiga `File`, `Open`, `Browse`, ta zaɓi kwafin, ta danna kibiyar da ke gefen `Open`, ta zaɓi `Open and Repair`. In ya ƙi, ta gwada LibreOffice Writer, wanda kan buɗe wasu takardun da Word ya ƙi. Da zarar ya buɗe, ta adana shi da sabon suna a matsayin `.rtf`, ta rufe, ta sake buɗewa, sannan ta mayar da shi `.docx`. Wannan juyin yakan sake gina takardar, ya zubar da ɓarnar. In matsalar ta biyo ta, ta kunna alamar `¶`, ta kwafe komai zuwa sabuwar takarda ban da alamar ƙarshe, domin a cikinta Word ke riƙe tsarin shafi, kuma lalacewa kan maƙale a nan.

To, in duk sun ƙi fa? Ta sauya ƙarshen sunan kwafin daga `.docx` zuwa `.zip`, ta buɗe da 7-Zip, ta nemo `word/document.xml`. Kalmominta suna nan tsakanin `<w:t>` da `</w:t>`, hotuna kuma suna `word/media`. Za ta sha aikin tsincewa, jadawalai da lambobin shafi sai ta sake su da hannu, bayanan ƙasan shafi kuwa ta neme su daban a `word/footnotes.xml`.