Takardar da Ake Miƙa wa Mai Harhaɗa Magani

Takardar bayanin ciwo ɗan gajeren rubutu ne da mai jinya ko ɗan aikensa ke kai wa mai harhaɗa magani kafin a sayi maganin da ba ya buƙatar takardar likita. Abu uku take ɗauke da su.

Na farko shi ne alamomin ciwon: inda yake, ranar da ya fara, da abin da ke tare da shi, kamar zazzaɓi ko amai. Ana kuma rubuta shekarun mai jinya, da ko tana da juna biyu idan mace ce.

Na biyu shi ne magungunan da jiki ba ya karɓa, tare da abin da ya faru da aka sha su. Ƙaiƙayi daban, kumburin leɓe da sarƙewar numfashi daban, domin na biyun na iya kisa.

Na uku shi ne duk abin da ake sha yanzu, har da na gargajiya, da sunan da ke jikin kwalin da yawan shansa a rana.

Misali, dattijo mai ciwon gwiwa na kwana biyar ya aika a sayo masa ibuprofen. Takardarsa ta nuna yana da gyambon ciki, yana kuma shan maganin hawan jini. Ibuprofen na iya sa gyambon zubar da jini, ya kuma rage ƙarfin maganin hawan jinin, don haka sai a ba shi farasitamol. Idan yana shan maganin mura, a duba kwalin, domin da yawansu na ɗauke da farasitamol, kuma wuce giram 4 a rana na iya lalata hantar babba. Idan takardar ta ambaci baƙin bayan gida, asibiti za a tura shi nan take.