Ɗaga Ƙarfe Ba Ya Hana Yaro Tsawo



A unguwannin Maiduguri, kamar Gwange da Bulunkutu, akan ga samari sun cika gwangwani biyu da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa. Iyaye da yawa sukan hana, wai yaro zai tsumbure. Wannan magana tana bukatar gyara.

Tsawon yaro yana fitowa ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kamar na cinya da na hannu. Yakan rikiɗe ya zama ƙashi wajen shekara 14 zuwa 16 ga 'yan mata, 16 zuwa 18 ga samari, daga nan tsawo ya tsaya. Abin da ke yanke wa yaro tsawonsa shi ne gado da abinci da lafiya. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amirka ta bayyana a 2020 cewa horon ƙarfi da aka tsara, aka kuma sa wa ido, ba ya tauye girma. A wannan shekara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki mai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako.

Amma fa akwai haɗari. Guringuntsin nan bai kai ƙashi ƙwari ba, yana iya tsagewa idan nauyi ya kuɓuce wa yaro. Yawanci hakan na faruwa ne wajen gasar wa ya fi ƙarfi, ba babba a wurin, kuma ba wanda ya san nauyin simintin.

Ga misalin yaro ɗan shekara 15. Da farko zai koyi tsugunawa da miƙewa ba tare da kaya ba, bayansa a miƙe. Idan ya ƙware, sai a auna masa nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da ya karkace ba, a ce kilo 10. Zai yi zagaye biyu, ya huta a tsakani, ya kuma tsallake kwana ɗaya kafin ya sake. Ran da ya cika sau 15 cikin sauƙi, sai a ƙara rabin kilo ko kilo ɗaya kawai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri ke wuce digiri 40, a yi da sassafe, da ruwan sha a kusa.

Tsamin jiki na kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Amma ciwo mai tsanani a wuyan hannu, ko gwiwa, ko ƙugu, musamman in da kumburi, alama ce ta a dakata. A kai yaron asibiti a ɗauki hoton ƙashin kafin a yi zancen ɗori, domin karayar da ta warke a karkace ita ce ke iya gajarta hannu ko ƙafa.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.