Ranar da Sauran Bashi Zai Faɗo Gaba Ɗaya

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwar Mont-Bouët da sauran baƙi, barkanku da zuwa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ban zo in kunyata kowa ba. Hukuncin kuɗin ruwa kuwa ga malamai nan zaune, su ne masu magana a kai. Ni abin da ya kawo ni takarda ce, wadda banki ko ƙaramar cibiyar rance ke miƙo wa mutum da Faransanci, shafi biyar ko shida, ya duba adadin kuɗin da abin da zai riƙa biya duk wata, ya sa hannu. Waɗannan biyun sun shafi lokacin da komai ke tafiya daidai. Sauran shafukan da ya tsallake su ne ke faɗin abin da zai same shi ranar da ya makara.

Mu yi misali da lissafi. A ce mai sayar da atamfa ya karɓi sefa 3,000,000, zai biya cikin wata 24, ruwa kashi 18 cikin ɗari a shekara. Biyansa na wata zai kama kusan 150,000. Ya biya wata takwas lafiya lau, uwar kuɗin da ta rage a kansa kusan 2,116,000 ce. Sai kayansa suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Owendo, wata na tara da na goma suka wuce bai biya ba.

Abu na farko da zai taras shi ne tarar makara. A ce takardarsa ta yanke kashi 5 cikin ɗari na biyan da ya makara, wato 7,500 kowane wata. Sai ruwan makara, wanda daban yake da tara ko da yake mutane kan haɗa su: ruwa ne da ke ƙaruwa kullum har ranar da aka biya, kuma galibi ya fi ruwan asali. A ce an ƙara maki uku, ya zama kashi 21. A kan 150,000 na wata guda, wannan bai wuce 2,625 ba. Har nan babu abin da zai hana mutum barci. Amma ku sa mai karanta muku ya duba a kan me ake lissafa wannan ruwa: a kan biyan da ya makara kaɗai, ko a kan duk abin da ake bin ku? Ku riƙe tambayar, yanzu za ku ga amfaninta.

Can wajen ƙarshen takardar akwai sakin layin da ni a ganina ya fi komai nauyi. Ma'anarsa ita ce, wa'adin wata 24 da aka ba ka yana tsaye ne muddin kana cika sharuɗɗa. Ka saɓa ɗaya, mai bashi yana da ikon ya ce wa'adi ya faɗi, a kawo sauran kuɗin gaba ɗaya yanzu. Mutuminmu 300,000 ya rasa. In aka tayar masa da wannan sharaɗi, za a nemi 2,116,000, da ruwan wata biyu kusan 63,000, da tara 15,000. In kuma takardar ta tanadi diyyar wahalar karɓo bashi, a ce kashi 10, ga wasu 211,600. Jimla ta haura 2,400,000. Daga ranar kuma duk sauran kuɗin ya zama bashin da ya makara, sai ruwan kashi 21 ya hau kansa, kusan 37,000 duk wata. Wanda ya kasa kawo 300,000, ina zai samo wannan? Daga nan sai maganar jingina, sai masinjan kotu a ƙofar shago.

Saboda haka ku tsaya a wannan sakin layi ku yi masa tambayoyi. Biya nawa za a rasa kafin ya tashi, ɗaya ko uku? Sai an aiko da takardar gargaɗi, ko da kansa yake tashi ba sanarwa? In akwai gargaɗi, kwana nawa aka ba ka ka gyara, kuma wane adireshi za a kai takardar? Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a garin da mutum kan tashi daga Nkembo ya koma Nzeng-Ayong bai sanar da kowa ba. Sannan ba rashin biya kaɗai ke tayar da shi ba. Takardu da yawa kan lissafa sayar da kayan jingina, rufe shago, ɗauke ajiya ko albashi zuwa wani banki, faɗin ƙarya a takardar neman rance, ko gaza biyan wani bashin dabam a wani wuri. Mutum na iya zama bai taɓa makara ba ko sau ɗaya, amma ya faɗa ciki. Masu zuwa wajen da ke ba da rance ta hanyar murabaha su ma su duba, domin can ma akan sa irin wannan sharaɗi.

Ruwa mai sauyawa ba zan daɗe a kansa ba. Ku tambaya da me aka ɗaure shi. In da TIAO ne, farashin da babban bankinmu BEAC ke yankewa, kowa na iya ganinsa: kashi 3.25 ne a 2020, ya kai kashi 5 a watan Maris na 2023. A bashin mutuminmu irin wannan hauhawa kusan 2,500 ce a wata, amma ga mai bashin gida na miliyan 20 ta kai kusan 350,000 a shekarar farko. Wanda na fi tsoro shi ne ruwan da aka ɗaure da farashin da bankin ke yanke wa kansa, ba rufin da ba zai wuce ba. Ku kuma nemi a nuna muku TEG, adadin da ya haɗa ruwa da kuɗin buɗe fayil da inshorar dole, wanda dokar CEMAC ta wajabta a rubuta. Sai dai TEG lissafin mai biya a kan lokaci ne, tarar makara ba ta ciki.

Doka ba ta bar ku haka ba. Gabon tana cikin OHADA, kuma dokar karɓo bashi ta wannan ƙungiya, a sashe na 39, ta ba alƙali damar jinkirta biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda, bayan ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bi. Sai wanda ya je ya nema, ba wanda ya kashe waya ya ɓuya ba.

Iyayena da ake zuwa a ce ku tsaya wa yaro, ku saurara da kyau. A dokar lamuni ta OHADA da aka sabunta a 2010, mai tsayawa zai rubuta iyakar kuɗin da ya ɗauka da hannunsa, da kalmomi da lambobi. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu. In takarda ba ta faɗi akasin haka ba, ana ɗaukarsa a matsayin wanda za a bi kai tsaye idan yaron ya gaza. Amma faɗuwar wa'adin yaron ba ta hawa kan mai tsayawa da kanta, ko me takardar ta ce. Shi ana bin sa ne bisa wa'adin da aka yanke ranar da ya sa hannu.

Roƙona gare ku shi ne kada ku sa hannu a ranar da aka miƙo muku takarda. Ku tafi da ita gida tare da jadawalin biya, a fassara muku ita layi-layi, ku ce wa ma'aikacin ya rubuta muku abin da za a nema in kun rasa biyan wata na tara da na goma. In kun riga kun ga alamar makara, ku rubuta musu kafin ranar biya, ku ajiye kwafi mai hatimi.