Jawabi A Kan Tsayin Teburin Masu Haɗa Kaya

Jama'a, ciwon kafaɗar da ke damun masu haɗa kaya a masana'antu, tsayin tebur na daga cikin abubuwan da ke haddasa shi.

A ɗauki misalin mai haɗa fanka a tsaye, wanda ke ɗaure noti 4 cikin kowane rabin minti. A awa 8 ya ɗaure 3,840 ke nan. Gwiwar hannunsa tana santimita 105 daga ƙasa, tebur kuwa 100. Amma kaurin fankar 15 ne, saboda haka notin yana 115, sama da gwiwar hannu. Tilas ya ɗage kafaɗa a kowace ɗaura. Alamarsa ita ce tsamin kafaɗa da wuya da maraice, wanda in an ƙyale, har barci yakan hana.

Ka'idar aiki marar nauyi ita ce, inda hannu ke aiki ya kasance kamar santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, watau 95. Sai a rage teburin zuwa 80. Wanda bai kai wannan tsawo ba, a sa masa dakalin katako ya taka.

A lura, daga wurin notin ake awo, ba daga fuskar tebur ba.